Ta ce min “Mubarak alaikumush shahar”, ni kuma na ce mata “shukran”

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Ina neman taimakon waɗanda suka daɗe a ƙasashen Larabawa. Wata bakwai ke nan da na fara aikin jinya a wani asibiti a Riyad, kuma wannan ne azumina na farko a nan. Jiya da safe, ɗaya ga wata, ina shiga ɗakin da muke karɓar aiki, sai shugabarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar, ta kama hannuna da hannu biyu ta ce “Mubarak alaikumush shahar.” Na gane albarkar shigowar wata take yi min, amma amsar ta ɓace min ɓat, sai na ce “shukran.” Ta yi murmushi ta sake ni, amma na ga alamar tana jiran wata magana da ba ta zo ba. Can da hantsi wani likita ɗan Masar ya ce min “Ramadan karim”, na ce “amin.” Da yamma kuma maƙwabciyata 'yar Sudan ta kawo min kwanon abinci da kanta, ta jero wata doguwar gaisuwa da ban kama komai a ciki ba sai “ala khair” a ƙarshe. Abin ya tsaya min a rai har na kasa barci bayan sahur. Mutanen nan suna kyautata min, ba na so su ɗauka girman kai ne. Me ake amsawa?

Ummu Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Addu'ar ita ce “Zahabaz zama'u wabtallatil uruƙu wa sabatal ajru in sha Allah.” Ki haddace ta, gajeriya ce.

Maman Ilham: Na gode 'yar uwa, wannan ta buɗa-baki ce, na santa tun muna Islamiyya. Gaisuwar da ake yi tsakanin mutum da mutum nake tambaya.

Malam Habu Jidda: Wa alaikumus salam, Maman Ilham. Ki kwantar da hankalinki, ba ki zagi kowa ba. Amma kin yi gaskiya da kika ce matar tana jiran wani abu. Shekarata ashirin da ɗoriya a Jidda, kuma abin da na fara fahimta shi ne gaisuwar Balarabe tagwaye ce, kowace da 'yar uwarta da ake mayarwa. Kamar mu ne. Ki ce wa baƙo “barka da shan ruwa” ya ce miki “na gode.” Bai yi laifi ba, amma maganar ta mutu a nan, domin “barka kadai” kunnenki yake jira, daga nan ki ce “ya ibada?” ya ce “alhamdu lillahi.” To “shukran” ɗinki haka ta yi wa dattijuwar. Ita ta miƙo miki addu'a, ke kuma kin karɓa kin sa a jaka ba ki mayar mata da kasonta ba.

Ma'anar abin da ta faɗa ita ce Allah ya sa watan ya zama mai albarka a kanku. Amsar da za ki fi ji a bakin mutanen ƙasar nan ita ce “alaina wa alaikum”, wato a kanmu da ku baki ɗaya. Wasu suna ƙarawa su ce “alaina wa alaikum yitbarak.” Ɗaya amsar kuma “Allah yibarik fikum”, Allah ya yi muku albarka. Duk wadda ta fara zuwa bakinki daidai ce, kuma su ne dai amsar “Ramadan mubarak.” Ki riƙa sauraren kalmar albarka. Da zarar kin ji “mubarak” a cikin gaisuwa, ko a farko ko a ƙarshe, domin wasu “asshahar alaikum mubarak” suke cewa, to waɗannan biyun sun ishe ki.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri, Malam. Amma me ya sa ta ce “alaikum” alhali ni kaɗai ce a gabanta? Ni ma “fikum” zan ce mata ko “fiki”?

Malam Habu Jidda: Jam'i girmamawa ne, kamar yadda za ki ce wa surukarki “kun tashi lafiya?” ita kaɗai. Yana kuma haɗawa da iyalinki. Shawarata ga duk sabon zuwa ita ce ya riƙe jam'i gam. Ga dalili. Namiji “fik” ne ko “fika”, mace “fiki”, kuma mutum cikin sauri yakan juya su, ya ce wa babban likita “fiki” a gaban ma'aikata. Sannan lamirin mace yana sauya kama daga yanki zuwa yanki. Mu nan Hijaz “alaiki” za ki ji, amma can wajenku a Najad tsofaffin mata sukan furta shi kamar “alaits”, mutanen gabas kuma kamar “alaic.” Kada ki wahalar da kanki da kwaikwayon wannan. “Fikum” da “alaikum” da “antum” suna shiga ga namiji da mace, babba da yaro, mutum ɗaya da taro.

Ɗalibi a Alƙahira: Aunty, bari in ɗauki na likitan, tunda mutanena ne. Amsar “Ramadan karim” ita ce “Allahu akram”, wato Allah ne mafi karamci. Ki kula da harafin ƙarshe, akram ne da mim. Wani sabon ɗalibi da muka sauka tare ya yi kwana uku yana amsa wa mai shagon unguwarmu da “Allahu akbar”, saboda haka kunnensa ya jiyo masa, sai da mai shagon ya zaunar da shi ya gyara masa.

Akwai kuma wani amfani da suke yi da ita da ba kowa ya sani ba. Idan ka je gidan ɗan Masar ko ofishinsa da rana a cikin azumi, zai ce maka “Ramadan karim” ko da an yi kwana ashirin da fara azumin. A nan ba barka yake yi maka ba, haƙuri yake ba ka cewa babu shayi babu ruwa da zai kawo maka. Kai kuma ka ce “Allahu akram”, ma'ana ba komai, na fahimta. Ranar da aka fara yi min haka na ɗauka mutumin ya manta mun riga mun gaisa ne.

Sai wadda likitan zai fi yawan faɗa miki, “kulli sana winti tayyiba.” Ga namiji “kulli sana winta tayyib.” Fatan alheri ne na kowace shekara. Ke za ki ce masa “winta tayyib”, in mace ce “winti tayyiba.” Ita ce 'yar uwar “kullu am wa antum bikhair” da ake ji ko'ina, wadda ake amsawa “wa antum bikhair.”

Abu Huzaifa: Assalamu alaikum. Ina jan hankalin 'yan uwa, mu ji tsoron Allah. “Ramadan karim” bidi'a ce, bai halatta a faɗe ta ba, bai halatta a amsa ta ba. Sheikh Ibn Usaimin, Allah ya jiƙansa, ya hana. Ramadana wata ne, ba ya bayar da komai, Allah shi ne Alkarimu. 'Yar uwa, idan ya sake faɗa miki ki yi shiru, ko ki gyara masa.

Ɗalibi a Alƙahira: Malam Abu Huzaifa, ma'aikaciyar jinya sabuwar zuwa ta tsayar da likita a bakin aiki ta gyara masa Larabcinsa? A nan malamai masu rawani suna faɗinta a kan mumbari.

Abu Huzaifa: Yawan masu yin abu ba hujja ba ne.

Malam Habu Jidda: Abu Huzaifa, rabin maganarka gaskiya ne, kuma ya kamata a ba ka shi. Tabbas Sheikh Ibn Usaimin ya ce lafazin ba daidai ba ne, a ce “Ramadan mubarak”, kuma dalilin da ka kawo shi ne dalilinsa, cewa ba watan ne yake bayarwa ba. Amma ka duba tambayar da aka yi masa. An tambaye shi ne a kan mutumin da zai yi ƙarya ko wani saɓo yana azumi, in an yi masa magana ya ce “Ramadan karim”, wai watan mai karamci ne, zai ɗauke. Wannan fahimtar ya fi kai wa hari. Akwai wasu malaman ƙasar nan da su ma ba sa son lafazin, shi ya sa za ka ga 'yan Saudiyya sun fi riƙe “mubarak.” Kuma “mubarak” tana da asali mai ƙarfi, domin a hadisin Abu Huraira da Nasa'i da Ahmad suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa sahabbai bushara da cewa Ramadana ya zo muku, wata mai albarka.

Su kuma masu halattawa suna cewa “karim” a Larabci ba mai kyauta kaɗai take nufi ba, tana nufin mai daraja. A Suratun Namli sarauniyar Saba'i ta kira wasiƙar Annabi Sulaimanu “kitabun karim”, ai wasiƙa ba ta rabon dukiya. To saɓani ne a kan lafazi, kowane ɓangare da abin da ya riƙe.

Inda ban bi ka ba shi ne cewa ta yi shiru. Aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta ce idan an gaishe ku da gaisuwa ku mayar da wadda ta fi ta ko ku mayar da irinta. Sannan ka dubi amsar kanta. Ya ce Ramadana mai karamci ne, ta ce Allah ne mafi karamci. Ashe ba abin da kake so a tabbatar ba ke nan? Ni abin da nake yi, ba na fara gaida kowa da “karim”, “mubarak” nake cewa. Amma wanda ya ce min “karim” ina ce masa “Allahu akram” da sakin fuska.

Abu Huzaifa: Na ji bayanin wasiƙar, zan koma in duba. Amma ayar Nisa'i malaman tafsiri da yawa a kan sallama suka fassara ta, ba kowace gaisuwa ba. Kuma “akram” tana nuna ka yarda watan yana da nasa karamcin, Allah dai ya fi shi. Ni in an ce min “karim”, “Ramadan mubarak” zan mayar.

Malam Habu Jidda: Maganarka a kan tafsirin tana da fuska. Kuma mayar da “Ramadan mubarak” ba ta ɓata wa kowa rai, na sha jin 'yan ƙasar suna yin haka. Shirun ne dai ban yarda da shi ba.

Hajiya 'Yar Mai Wurno: Salamu alaikum. 'Yata Maman Ilham, jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa. Mu Hausan Sudan ne, a Mai Wurno aka haife ni, kusa da Sinnar, yanzu muna zaune a Madina. Abin da maƙwabciyarki ta faɗa miki na san shi kamar sunana. “Ramadan karim, tasumu wa tafɗuru ala khair.” Wato ku yi azumi ku sha ruwa cikin alheri. Ki ce mata “Allahu akram”, sannan ki bi addu'ar da “amin, jami'an in sha Allah.” Shi ke nan.

Amma ki saurare ni da kyau. Wurin mutumin Sudan kwanon nan ya fi maganar nauyi. Kada ki mayar mata da shi wayam. Ki zuba ko ƙosai ne, ko kunun gyada a wani mazubi, ki kai da kanki kafin magariba. In kin ga wani jan abin sha mai ɗan tsami da ƙanshin kayan yaji a cikin abin da ta kawo, sunansa hilu-mur, da tsiron dawa ake yinsa, mata suna fara aikinsa tun watan Sha'aban. Ki yaba shi da sunansa, za ki ga yadda fuskarta za ta yi. A garinmu maza ba sa shan ruwa a cikin gida, tabarma ake shimfiɗawa a bakin hanya, kowane gida ya fito da tirensa, a tare matafiya a ce sai sun sauko. Yau yaƙi ya watsa mutane, da yawansu suna azumi a ƙasar wasu. Matar nan da ta ƙwanƙwasa ƙofarki, abin da ta saba yi a gida take nema ta yi.

Maman Ilham: Allahu akbar. Hajiya, wallahi akwai jan abin shan a cikin gora, na sha ban san sunansa ba. Kwanon yana nan na wanke, da niyyata in ba yaro ya miƙa mata haka nan. Allah ya saka, Allah ya zaunar da ƙasarku lafiya.

Hajiya 'Yar Mai Wurno: Amin 'yata. Kada ki aiki yaro.

Bala Mai Shadda: Ni fa ban gane ba. Me ya hana mu gaishe su da namu? Mu ce musu barka da shan ruwa da Larabci mana, su ma su koyi al'adarmu. Ko a nan Kano yanzu yara sun bar “barka da shan ruwa” sun koma “Ramadan mubarak” a waya, kamar tamu ba ta da lada.

Sa'idu Direba: Alhaji Bala, na gwada abin da kake faɗa, bai yi ba. Shekarar da na fara tuƙi a gidan wani Balarabe a Makka, bayan magariba na ce wa mai gadin gidan da ke kusa da mu, ɗan Yaman ne, “mabruk shurbul ma'i.” Ya dube ni ya shiga ɗakinsa ya ɗauko min gorar ruwa. Shi a wurinsa shan ruwa shan ruwa ne kawai, bai san muna nufin buɗa-baki ba. Haka “ya gajiya?” Idan ka ce wa Balarabe “kaifat ta'ab” zai ɗauka ka ga alamar rashin lafiya a jikinsa.

Malam Habu Jidda: Sa'idu ya taɓo wurin da mutanenmu suka fi tuntuɓe. Mu gaisuwarmu ta azumi ta yamma ce, kullum bayan magariba sai an yi barka da shan ruwa har wata ya ƙare. Su kuma a nan babbar gaisuwar ta farkon wata ce. “Mubarak alaikumush shahar” daren ganin wata ake fara ta, a yi ta kwana biyu ko uku, ko kuma ranar da ka fara haɗuwa da mutum a cikin watan. Idan ka riƙa maimaita wa abokin aiki ita kowace safiya har ranar sha biyar, zai ji wani iri, kamar wanda ake yi wa barka da sallah mako biyu bayan sallah.

Abin da ya fi kusa da barka da shan ruwa shi ne “taƙabbalallah”, Allah ya karɓa. Ana faɗinta bayan buɗa-baki, ana faɗinta in an fito daga tarawihi. Amsarta “minna wa minkum”, daga gare mu da ku. Wasu su ƙara “salihal a'amal.” In shi ne ya cika ta ya ce “taƙabbalallahu minna wa minkum”, sai ka ce “amin”, ko ka maimaita masa. Wadda kuma ake yi wa mutum in za a rabu gab da magariba, musamman a saƙon waya, ita ce “sauman maƙbulan wa ifɗaran shahiyyan”, azumi karɓaɓɓe da buɗa-baki mai daɗi. Ita ma “minna wa minkum” ta wadatar.

Alhaji Bala, ita “barka” ɗin ma ai daga “baraka” ta Larabci muka samo ta, tushensu ɗaya da “mubarak.” Amma ina tare da kai a kan cewa Bahaushe da Bahaushe ba su da dalilin barin tasu. Ni a nan in na haɗu da ɗan gida a kasuwar Bab Sharif, barka da shan ruwa nake ce masa.

Bala Mai Shadda: To na ji. Amma yaran nan na gida dai a ja musu kunne.

Ilya Agadas: Mu masu zuwa Tamanrasat wata daban muke ji. Mutanen Aljeriya bayan an sha ruwa “sahha fturak” suke cewa, ga jama'a “sahha fturkum.” Kai kuma ka ce “Allah yisallmak.” Wannan kam kullum ake yinta, daidai da barka da shan ruwa tamu. Ban sani ba ko 'yan Saudiyya za su gane ta.

Malam Habu Jidda: Za su gane kalmomin, amma za su san ba tasu ba ce. Ka ajiye ta ga mutanen Magrib, wato Aljeriya da maƙwabtanta.

Injiniya Nura: Tambayata ta ɗan bambanta. Ina aiki a Doha, kuma wanda muke ofis ɗaya da shi Kirista ne ɗan Labanan. Shi ya fara ce min “Ramadan karim” tun kafin Musulmin wurin su ce. Na ce masa “minna wa minkum”, domin ita na fi sabawa da ita. Ya yi dariya kaɗan bai ce komai ba. Na yi kuskure ne?

Ɗalibi a Alƙahira: Kuskure biyu ne, Yaya Nura, amma ƙanana. Na farko, “minna wa minkum” amsar “taƙabbalallah” ce, ba ta hau kan “karim” ba, kamar a ce maka ina kwana ka ce sai alheri. Na biyu, ma'anarta Allah ya karɓa daga gare mu da ku, shi kuma ba azumin yake yi ba. Kiristocin Masar ma suna yi mana wannan gaisuwar sosai, muna ce musu “Allahu akram”, kalmar Allah ai ita suke amfani da ita su ma a Larabci. In kuma ya ce “kullu am wa anta bikhair”, ka ce “wa anta bikhair”, fatan alheri ne na shekara, ya hau kan kowa.

Abu Huzaifa: A wannan kam ina ganin “shukran” ɗin da 'yar uwa ta yi tun farko ita ta fi dacewa, tunda kyautatawa ya yi maka, ba tarayya kuke yi a ibadar ba.

Malam Habu Jidda: Nan kuma na yarda da kai. Ka haɗa su ma, “shukran, Allah yikhallik”, na gode, Allah ya bar mana kai. Mutanen Sham suna jin daɗinta.

Maman Ilham: Malam, saura abu ɗaya. Na riga na yi kuskuren jiya. In koma in ba ta haƙuri ne, ko in bari ya wuce? Gobe ina aikin safe, yanzu awa shida muke yi saboda azumi, da wuya in same ta ita kaɗai.

Malam Habu Jidda: Kada ki ba da haƙuri, za ki mai da ƙaramin abu babba, ita ma ki sa ta jin nauyi. Gobe uku ga wata, ƙofar gaisuwar ba ta rufe ba. Ke ki riga ta. Ki yi sallama tukuna, domin duk waɗannan bayan sallama suke zuwa, ba sa maye gurbinta. Sannan ki ce “kullu am wa antum bikhair, Ramadan mubarak.” Ki faɗa a hankali, kada ki haɗiye ƙarshen. In kin saba kiranta da alkunyarta, Ummu wane, ki sa a gaba, ya fi “sista” ko “madam” daɗi a kunnensu nesa ba kusa ba. Ga likitan kuma da sauran maza, hannu a ƙirji daga inda kike ya isa.

Wani abu kuma, kada kh ɗin “bikhair” ta tsorata ki. Mu Hausawa mukan mai da ita h, mu ce “bihair”, kuma kowa yana ganewa. Ita dai amsar ta fito a kan lokacinta.

Ummu Sadiƙ: Yanzu na fahimci tambayar. Ni ma mijina yana Dammam, zan tura masa wannan duka. Idan aka gayyace shi shan ruwa gidan Balarabe fa, me zai ce in ya gama ci?

Malam Habu Jidda: Addu'ar da ta zo a hadisi, “afɗara indakumus sa'imun, wa akala ɗa'amakumul abrar, wa sallat alaikumul mala'ika.” Masu azumi su sha ruwa a wurinku, mutanen kirki su ci abincinku, mala'iku su yi muku addu'a. In ta yi masa tsawo ya ce “akramakumullah”, Allah ya karrama ku, har ya haddace.

Maman Ilham: Assalamu alaikum, na dawo da labari. Yau na same ta tana duba jadawalin aiki, na yi sallama na faɗa yadda Malam ya koya min, da alkunyarta. Ta ajiye biro ta taso ta rungume ni, ta ce “wa anti bikhair wa sihha wa salama”, ta kira wata abokiyar aikinmu tana ce mata ki ji 'yar Najeriya. Likitan ma na ce masa “Allahu akram” ya tsaya ya tambaye ni wa ya koya min. Ƙosai kuma na kai wa maƙwabciyata da kaina, na ambaci hilu-mur, sai ga hawaye a idonta, ta ce mahaifiyarta ce ta aiko mata da shi. Hajiya, Allah ya biya ki.

Amma shugabar tamu ta ƙara wata da ban sani ba. Da zan fita ta ce wani abu kamar “asakum min awwada.” Na ce “amin” a hankali, ban tabbata ba ko na sake yin irin ta shekaranjiya.

Malam Habu Jidda: A wannan karon amin ɗinki ta faɗa daidai. “Asakum min uwwadah” ta ce, wato Allah ya sa kuna cikin masu sake riskarsa, ita ce “Allah ya maimaita mana” tamu. In ta sake, ki ce “amin, wa iyyakum”, don ki mayar mata da nata kason. Za ki ƙara jinta sosai ranar sallah. Kafin nan, in goman ƙarshe ta shiga, za su fara ce miki “khawatim mubaraka.” Kin ji kalmar da ke ciki, me za ki amsa?

Maman Ilham: Alaina wa alaikum.

Malam Habu Jidda: Madalla.

Injiniya Nura: Malam, mu a Doha jiya wani ya ce min “mubarakin”, ita ma haka zan amsa?

Malam Habu Jidda: “Allah yibarik fikum” ba za ta ba ka kunya ba. Amma ka tambayi wani ɗan ƙasar ko suna da tasu amsar ta musamman, ka zo ka faɗa mana, ni kunnena na Hijaz ne.